Birki Ɗan Gida Ne, Alat Kuwa Baƙo: Yaushe Ake Barin Kalmar Turanci Yadda Ta Zo?

A garejin kanikawa, maigida ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu da tsumma, ya dubi mai ita ya ce, "Alhaji, kuloci ya ƙone, sai mun sauke giya, fulogi biyu sun mutu, birkin ma ba ya ci." Babu wanda zai ɗaga kai ya ce bakanike ya yi Turanci. Abin da Alhaji zai tambaya kawai shi ne nawa aikin zai ci. Alhali kuwa kuloci da giya da fulogi da birki duk daga Ingilishi suka zo, haka ma gareji da mota, har da sunan sana'ar mai maganar.

Amma a ce ɗan Alhajin ne ya iso wurin ya ce, "Baba, tun monin nake kolin ɗinka ba ka yi fikin ba, na ɗauka ko kana bizi ne." Nan take fuskar dattijo za ta canza. "Kai, yi mini Hausa!"

Kalma huɗu ta Turanci ce a bakin bakanike, huɗu ce a bakin yaron. Na farko an ce ya yi Hausa, na biyu an ce ya yi Ingausa, wato sunan da ake kiran wannan gauraye na Ingilishi da Hausa. Bambancin da kunnen Alhaji ya ji ba son rai ba ne. Akwai alamomi na zahiri da ke raba kalmar da ta zama 'yar gida da wadda har yanzu take tsaye a zaure, kuma duk mai fassara ko mai rubutu da Hausa da su yake aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Alama ta farko a lafazi take. Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a cunkushe, don haka sai ya cusa wasali tsakaninsu: burodi, fulawa, fulogi, sukurudireba. Yana son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa aka sami kotu da kati da benci da bokiti. Akwai kuma sautukan Ingilishi da ba su cikin harshensa, sai ya musanya su da makusantansu, kamar yadda fa ta shiga fasinja da fenti da fensir, ba kuma ta shiga direba.

Ta biyu ta fi wannan zurfi, domin ita a nahawu take. Kalmar da ta zauna sai ta sami jinsi da jam'i irin na Hausa. Mota ce, bokiti ne. Motoci, asibitoci, likitoci, lauyoyi, direbobi, ofisoshi. A dubi yadda ta ta koma ca a motoci, daidai da yadda ake yi wa asalin kalmomin Hausa irin su ƙota, inda ake cewa ƙotoci. Daga nan sai kalmar ta fara haihuwa. Likita ya haifi likitanci. Bariki, wanda asalinsa mazaunin soja ne, ya haifi ɗan bariki da barikanci, ma'anonin da Baturen da ya kawo kalmar bai taɓa mafarkinsu ba. Mafi daɗin labari shi ne na makaniki: kunnen Bahaushe ya ji kamar sunan wata ƙabila ce, sai ya gyara shi a kan tsarin Bakano da Kanawa, aka wayi gari da bakanike da kanikawa, sana'arsu kuma kanikanci.

Akwai wata 'yar ƙaramar alama da kowa zai iya gwadawa a bakinsa, wato ɗin. Kalmar da ta zauna tana karɓar mallaka kai tsaye: motata, teburinsa, ofishinmu. Wadda ba ta gama zama ba sai an sa mata tsani: kolin ɗinka, alat ɗina, netwok ɗinsu. Haka kuma aikatau. Canza ta zama cikakkiyar aikatau, ana cewa ya canza, an canzo, ta canzu. Amma kolin da fikin ba sa tafiya sai an goya su a bayan yi.

In kalma ta kai ga shiga salon magana kuwa, an gama. "An taka masa birki." "Ba ni da ko sisi." Sisi da sule da fam kuɗin Ingila ne, an daina kashe su a Nijeriya tun da naira ta zo a 1973, amma sisi na nan a bakin matasan da ba su taɓa ganinsa ba. Jaridar Hausa da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma kwabon nan da ke cikin sunan daga kalmar Ingilishi ta jan ƙarfe ya fito. Wanda ya ce zai tsarkake Hausa daga Turanci, to da sunan wannan jarida zai fara. (A nan ya kamata a wanke wata kalma da aka daɗe ana yi wa ƙazafi. Mutane da yawa sun ɗauka boko daga kalmar Turanci ta littafi ta samo asali, amma masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba.)

Saboda haka irin waɗannan kalmomi ba su cikin gardamar. Mai fassarar da ya ga birki ya tsaya neman "abin tsayar da mota" ɓata lokacinsa yake yi, kamar wanda ya ce zai fassara littafi da alƙalami don daga Larabci suka zo, ko ashana da akawu don daga Yarbanci aka aro su.

Ainihin aikin yana kan sababbin baƙi, kuma ba yau aka fara shi ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, wadda cikin ayyukanta har da tattara kalmomin da suka shigo daga waje da daidaita yadda za a rubuta su. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kuma tun daga lokacin ɗakunan labarai na gidajen rediyo, na gida da na waje, suka zama maƙerar kalmomi. Labari ya iso da Turanci, saura 'yan mintoci a shiga situdiyo, dole a yanke shawara: a fassara, a ƙirƙira, ko a bar kalmar yadda take. Ta irin wannan hanya kunnen jama'a ya saba da Majalisar Ɗinkin Duniya, da tauraron ɗan'adam, da makami mai linzami, da jirgi mai saukar ungulu, da makaman ƙare-dangi.

Waɗannan sun karɓu domin kowace tana ɗauke da hoto. Wanda ya taɓa ganin ungulu tana sauka a mahauta ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda wannan jirgi yake dira. Amma ba kullum ƙirƙira take yin nasara ba. Na'ura mai ƙwaƙwalwa tana nan a labarai da littattafai, sai dai a shago da ofis kwamfuta ake cewa. Gaɓa bakwai ce ta kara da gaɓa uku, kuma abu ne da ake ambata sau ashirin a wuni. Yanar gizo da intanet kuwa sun yi canjaras, kowace da inda ake jin ta. Abin da za a lura da shi shi ne, abin da mutane suke ji a labari kawai, kamar makami mai linzami, yakan karɓi sunan da rediyo ya raɗa masa. Abin da ya riga ya shiga hannunsu kuwa, da sunan da ya zo da shi yake zama, sai fa in su da kansu suka sake masa suna, kamar yadda Kanawa suka kira babur mai ƙafa uku A Daidaita Sahu, sunan wani shirin gyaran tarbiyya na zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau.

Gargaɗin banki

Misali ɗaya zai nuna yadda wannan shawara take da nauyi. Ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya tura miliyoyin mutane ga hada-hadar kuɗi ta waya. Mai kayan miya da mai shayi da mai faci duk suka koyi taransifa da alat da POS cikin 'yan makonni, ba tare da wata hukuma ta zauna ta zaɓa musu kalma ba. 'Yan damfara ma ba a bar su a baya ba.

A ɗauka an kawo wa mai fassara a gidan rediyo sanarwar banki da Turanci, tana gargaɗin jama'a kada su bayyana wa kowa PIN ko OTP ko CVV ko BVN. Mai kishin Hausa, da ya ga wannan tarin baƙaƙe, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya share su duka ya rubuta: "Kada ka bayyana wa kowa lambarka ta sirri." Jimla ce mai tsabta, babu ko ɗigon Turanci a cikinta, kuma tana da daɗin ji.

Sai dai ga abin da zai biyo baya. A wurin yawancin masu saurare, lambar sirri ita ce lambobi huɗun nan da ake dannawa a na'urar cirar kuɗi, wato PIN. Sai ɗan damfara ya bugo waya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, daga banki ne. Kada ka kuskura ka gaya mini lambarka ta sirri, ba ma tambayarta. Wani saƙo ne zai shigo maka yanzu, lambobin ciki kawai za ka karanto mini don mu gyara maka asusunka." Mutumin ya tuna gargaɗin rediyo, ya ga bai saɓa masa ba, sai ya karanto. Lambobin nan su ne OTP, galibi guda shida, waɗanda banki yake turowa don tabbatar da cewa mai asusun ne da kansa yake son fitar da kuɗi. Sau ɗaya ake amfani da su, kuma cikin 'yan mintoci suke mutuwa, shi ya sa mai kiran yake ta gaggawa. Su ne mabuɗin ƙarshe da ya rage masa.

In mai fassarar ya faɗaɗa ya ce "kada ka ba kowa wata lamba ta banki," nan ma ya yi ɓarna ta wani gefen, domin lambar asusu mai lambobi goma dole ɗan kasuwa ya bayar da ita in yana son a turo masa kuɗi. Da yawa ma a jikin shago suke rubuta ta. Gargaɗin da ya hana abin da kowa yake yi kullum, ba wanda zai ɗauke shi da muhimmanci. "Lambar shaida" ma ba ta fitar da mutum, don BVN ta banki da NIN ta katin ɗan ƙasa kowace lambobi goma sha ɗaya ce, kuma kowace shaida ce.

Mafita ita ce a bar sunayen yadda suke, domin haka mutum zai gan su a fuskar wayarsa da takardun banki, sannan a ba kowanne bayanin da ido zai gane. Sanarwar sai ta koma kamar haka: "Jama'a, ma'aikacin banki ba zai taɓa kiran ku ya tambaye ku waɗannan abubuwa ba. PIN, lambobi huɗu da kuke dannawa in za ku ciri kuɗi. OTP, lambobin da ke shigowa ta saƙon waya lokacin da ake ƙoƙarin fitar da kuɗi daga asusunku. CVV, lambobi uku da ke bayan katinku. Da kuma BVN. Duk wanda ya kira ya nemi ɗaya daga ciki, ku kashe wayar. Lambar asusu ita kaɗai ake bayarwa don a turo muku kuɗi."

Ta fi ta farko tsawo, kuma mai neman Hausa zalla zai yamutsa fuska. Amma a duba da kyau: ginin jimlolin duk na Hausa ne, aikatau duk na Hausa ne, asusu da saƙo da lamba duk an faɗe su da kalmomin da aka sani. Sunaye huɗu kaɗai aka bari, kuma an bar su ne don mai saurare zai ci karo da su a rubuce. Haka abin yake ga duk kalmar da mutum zai danna ko zai karanta. In ana koya wa tsohuwa tura kuɗi, ana iya ce mata ta tabbatar, amma dole a nuna mata cewa wurin da za ta taɓa an rubuta Confirm, in kuma ta fasa, Cancel. Fassarar da ba ta dace da abin da ke kan allon waya ba, ɓatar da mai ita take yi.

A asibiti

A fannin lafiya matsalar takan zo ta wata fuska: kalmar Hausa tana nan, amma ta yi faɗi da yawa. Ƙwayar cuta kyakkyawar fassara ce, sai dai ta haɗe halittu biyu da likitoci suke rarrabewa, bakteriya da bairos. Taifot da tarin fuka aikin bakteriya ne. Ƙyanda da korona da yawancin mura aikin bairos ne. Magungunan da ake kira antibayotik, irin su amoksisilin, bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairos. Yanzu a gwada faɗin wannan ba tare da kalmar aro ba: "Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kashe ƙwayar cutar mura." Mai saurare zai ce wannan wace irin magana ce, maganin kashe ƙwaya amma ba ya kashe ƙwaya? Sai ya wuce kemis ya sayi kafso abinsa. A nan barin bairos da bakteriya da antibayotik, tare da bayani sau ɗaya a farkon magana, shi ne kaɗai hanyar da saƙon zai isa.

Shawara ma haka take. Da ido ya yi rawaya sai a ce shawara ce, alhali yana iya zama zazzaɓin da sauro ke yaɗawa, ko ciwon hanta, ko rawayar da jarirai kan yi a kwanakin farko. Ciwon hantar ma iri-iri ne, kuma harafin da ke jikin takardar gwaji yana da muhimmanci: nau'in B yana da allurar rigakafi, nau'in C ba shi da ita amma ana warkar da shi da magani. Mai fassarar da ya jefar da harafin ya jefar da rabin labarin.

Amma fa a wannan fannin ne kuma ake ganin inda Turanci ba shi da wani aiki. Hawan jini ya zauna daram, kowa ya san shi, kuma ya fi sunansa na Turanci bayyana abin da ke faruwa. Haka ciwon suga, da gyambon ciki, da zazzaɓin cizon sauro, wanda ma a cikin sunansa yake koyar da yadda ake kamuwa da shi, abin da maleriya ba ta yi. Ma'aikacin jinyar da ya ce wa tsohuwa daga ƙauye "Mama, bi-fi ɗinki ya yi hai," bai ƙara mata komai ba sai ruɗani.

Akwai kuma iyaka

Abin da ɗan Kano yake ɗauka kowa ya sani, da an wuce Jibiya ko Maigatari sai ya zama baƙon abu, domin Hausawan Nijar daga Faransanci suka yi nasu aron. A Maraɗi da Damagaram makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe. Biro a Kano abin rubutu ne, a Nijar kuwa ofis ake nufi. Cutar da ake kira ƙanjamau a Nijeriya, a can sida aka fi sani. Wannan ne ya sa gidajen rediyon da ake saurare a ƙasashen biyu suke karkata ga kalmar Hausa ko ta Larabci ko da ta fi tsawo, irin su cuta mai karya garkuwar jiki, domin ita ce take tsallaka iyaka ba tare da tafinta ba. Kalmar Turancin da ta dace a sanarwar rediyon jiha ba lallai ta dace a labaran duniya ba.

To, shi kuma ɗan Alhaji da monin da bizi? A yi masa adalci, ba kullum rashin iya Hausa ko burga ke sa mutane Ingausa ba. Wanda ya yi karatun injiniya ko lauya da Turanci, da Turanci tunanin aikinsa yake zuwa masa. Wani lokaci kuma kunya ce: akwai maganar jiki da ta soyayya da matashi zai iya furtawa da Turanci amma bakinsa ya yi nauyi da Hausa. Lambar waya kuwa kusan kowa da Turanci yake karanto ta, har wanda bai taɓa shiga aji ba. Tsakanin abokai da suka fahimci juna, babu wanda aka cuta.

Inda abin yake zama asara shi ne inda kalmar Turancin ta fi ta Hausa talauci. Sori ita ce babban misali. Bahaushe yana da sannu ga wanda ya yi tuntuɓe ko yake jinya, yana da yi haƙuri ga wanda aka ɓata wa rai, yana da na tuba ko a gafarce ni ga wanda ya amsa laifinsa, yana da Allah Ya ba da haƙuri a gidan makoki. Yaron da ya tattara waɗannan duka ya maye su da sori, ya bar mai jin sa bai san ko tausaya masa ake yi ko neman afuwarsa ba. Monin ba ta fi safe komai ba, kolin bai fi kira ba, fikin bai fi ɗauka ba. Da ya ce, "Baba, tun safe nake kiran ka ba ka ɗauka ba," da jimlar ta fi gajarta ma.

Alat kuwa shari'arta ba ta ƙare ba. Ana iya cewa saƙon shigar kuɗi, kuma a rubutu wasu suna yin haka, amma a kasuwar Kantin Kwari abin da za a ji shi ne "Alhaji, ka ga alat?" Har yanzu tana tafiya da ɗin, ba ta sami jam'i ba, ba ta ƙare da wasali ba. Sai dai ta fara shiga salon magana, don ana cewa alat na bogi, ma'aikata kuma a ƙarshen wata suna tambayar juna ko an ji alat. Caji da kati da layi ta wannan hanyar suka bi, ga shi yau ana cewa cajina ya ƙare, katin ɗari biyar, layukan waya.